Yadda ake haɗa wa jariri madarar gwangwani

Da farko ki wanke hannu, ki dafa fida a tafasasshen ruwa. Tafasa wani ruwan na haɗi, ki bar shi ya ɗan huce, kada ya wuce minti 30.

Ruwan ake fara zubawa, sannan gari. Yawancin madara cokali ɗaya ne ga mililita 30, wata kuma 60, don haka karanta gwangwaninki. Idan ta 30 ce, ruwa 120 cokali huɗu ke nan, a shafe, da cokalin cikin gwangwanin.

Nan ake samun matsala. Uwar da ta sa cokali biyu don gwangwani ya kai ƙarshen wata, ruwa ta ɗura wa ɗanta: cikinsa ya cika, ga kukan yunwa, ga rama. Ruwan yana rage gishirin jininsa, har ya kai ga kumburin fuska, yawan barci da jijjiga. Wadda ta ƙara cokali don ya yi ƙiba kuwa ta ɗora wa ƙodarsa nauyi: kashi ya yi tauri, fitsari ya ragu, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa. Kowanne kika gani, sai asibiti nan take.

Girgiza fidar, sanyaya ta a ruwa, ki ɗiga a hannunki kafin ki ba shi. Abin da ya rage a zubar.