Naɗar shiri kai tsaye ko jiran maimaici: kurakuran da aka fi yi

Duk azumi a Garwa da Marwa, matasa kan naɗi tafsirin da ake watsawa kai tsaye don su tura wa iyayensu a ƙauye. Da yawa suna naɗar fuskar waya, kuma nan matsalar take farawa. Abin da idonka ya gani shi ke shiga fayil: in rezo ya yi rauni hoto ya dushe, haka zai zauna har abada, in kira ya shigo, karatun ya yanke. Maimaicin da dandali ke ajiyewa kuwa daga abin da mai watsawa ya aika aka haɗa shi, raunin layinka bai taɓa shi ba. Don haka in tashar ta saba barin shirye-shiryenta, jira ya fi.

Ga lissafin data ma. Tafsirin awa biyu a 720p, kan kusan megabit 2.5 a daƙiƙa, yana cin giga biyu da ɗoriya. In ka jira, kana iya sauke murya zalla a kan mega ɗari da 'yan kai, alhali ita tsohuwa take buƙata.

Kuskure na biyu gaggawa ce. Da malam ya shafa fatiha sai a ruga saukewa, YouTube kuwa bai gama sarrafa bidiyon ba. Wani lokaci ƙarshen shirin kawai za ka samu, ko hoto maras kyau. Duba tsawon fayil: in karatu ya yi awa uku ka ga biyu, dakata zuwa safiya ka sake.

Sai dai jiran yana da iyaka. Mai tashar na iya goge shirin ko ya ɓoye shi. A YouTube, wanda ya wuce awa 12 ba lallai a ajiye shi ba, Facebook kuma tun Fabrairun 2025 kwana 30 yake riƙe bidiyon kai tsaye kafin ya share. In kana zargin shirin ba zai kwana ba, naɗe shi yana gudana. Mai kwamfuta da ya makara zai iya kamo na YouTube tun daga farko da manhajar yt-dlp, ya sa adireshin shirin a gurbin URL:

```
yt-dlp --live-from-start URL
```

Abin da ya fi ci mini rai shi ne naɗa da OBS, manhajar naɗar bidiyo a kwamfuta, kai tsaye cikin mp4 na gargajiya. Irin wannan fayil sai a ƙarshe yake rubuta jadawalin da ake buɗe shi da shi. Wuta ta ɗauke a minti na casa'in, ga fayil mai nauyi, amma ya ƙi buɗuwa. Zaɓi nau'in fayil na mkv tun kafin ka fara, domin shi yana tsira da duk abin da aka riga aka rubuta. Bayan an tashi ka mayar da shi mp4 ta zaɓin Remux Recordings na cikin OBS, ingancinsa ba zai ragu ba.