Babi na 6: Duba haɗarin gobara a shagon kafinta

Darasi na 1: Nemo haɗarin

Ku ɗauki littafi da biro, ku miƙe tsaye. Wannan aikin ba a yin sa a zaune. Ku buɗe sabon shafi, ku ja layi daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida biyu. A hagu ku rubuta "mai kunna wuta". A dama ku rubuta "mai cin wuta". Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya rubuta a hankali, ba tsere muke yi ba.

Ku fara daga bakin ƙofa, ku bi bango har ku zagayo. Mai kunna wuta shi ne duk abin da ke yin zafi ko tartsatsi: janareta, wayar lantarki da aka ɗaure da leda, soket ɗin da ya yi baƙi, kaskon gawayi na jin ɗumi da hunturu, guntun taba. Mai cin wuta kuwa shi ne katako, dusar katako, soson kujera, gam, tina, fenti da fetur.

Ga inda yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Sai su cika gida biyun, su ajiye biro, su ce sun gama. Ba ku gama ba! Janareta shi kaɗai ba ya tada gobara, jarkar fetur ita kaɗai ma haka. Sai sun haɗu. Saboda haka kowane abu na hagu, ku je ku tsaya a gabansa, ku tambayi kanku: wane abu na dama ne ya fi kusa da shi? Ku ƙirga taku nawa ne tsakaninsu, ku rubuta.

Mu gwada tare. A shagon da za mu yi misali da shi, janareta yana bayan ƙofa, jarkar fetur tana gefensa, taku ɗaya. Mun rubuta: "Janareta da fetur, taku 1." Wani zai ce ai jarkar ba ta taɓa shi ba. Ba sai ta taɓa ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana malala, kuma shi ne ke kamawa. In kun ji warinsa, to ya riga ya fita daga jarkar.

Mu sake. Soket a bango, ƙarƙashinsa tulin dusar katako. Ku kashe inji, ku ɗora bayan hannu a kan murfin soket ɗin. In da zafi, ko kuka ji ƙaurin roba, waya ta saki a ciki ko an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. Mun rubuta: "Soket da dusa, taku 0." Kun gani? Na hagu, na dama, sai taku. Ku faɗa da baki: na hagu, na dama, sai taku. Madalla. Yanzu ku yi wa kaskon gawayi da kanku.

Kuma don Allah, a daina kawo mini shafin da aka cika a gida da ka. Ina gane shi, domin babu taku ko ɗaya a ciki. Wanda bai taka shagonsa ya ƙirga ba, bai yi darasin nan ba.

Darasi na 2: Wa abin zai shafa?

Ku rubuta kowa: maigida, yaran shago, mai zuwa karɓar kaya, maƙwabci. Ku ja layi ƙarƙashin yaron da ke kwana a shago. Gobara ta fi ɓarna da dare, musamman in aka kawo lantarki alhali an bar inji a kunne. In ana kulle ƙofa da kwaɗo ta waje yana ciki, ta ina zai fita?

Darasi na 3: Raba su

Ku koma shafin farko. Wanda takunsa ya fi kaɗan, da shi za a fara. Janareta ya koma waje inda iska ke kaɗawa, fetur ya koma wani wurin dabam a rufe, kuma ba a zuba mai sai an kashe inji ya huce. A share dusa kullum kafin a tashi. A kira mai gyaran lantarki ya canja soket. A ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, allurarta tana kan kore. Ba a watsa ruwa a wutar fetur ko ta lantarki.

Darasi na 4: Rubuta sakamako

Sabon shafi, kwanan wata a sama. Kowane haɗari layi ɗaya: mene ne, me za a yi, wa zai yi, yaushe. Misali: "Soket da dusa. A canja soket. Maigida. Asabar." In an yi, a sa alama. A ƙasa ku rubuta 112, lambar kiran gaggawa a Nijeriya, da lambar 'yan kwana-kwana na garinku. Ku karanta wa yaran shago.

Darasi na 5: Sake dubawa

Ku maimaita kafin hunturu ya shigo, da duk ranar da aka kawo sabon inji ko sabon yaro.