Kurakuran da muke yi wajen gwada hedlayin a LinkedIn da Search appearances da Profile views

Ƙanina ya gama bautar ƙasa ya dawo Zariya, akanta ya karanta a ABU, yanzu yana riƙe wa wani shagon takin zamani lissafi a Sabon Gari kafin Allah ya kawo wani aikin. Wata rana da yamma muna zaune a ƙofar gida ya miƙo min wayarsa yace "Yaya dan Allah duba min, sau huɗu ina canza hedlayin ɗin nan a sati biyu amma ba wani abu da ya motsa." Na karɓa na duba, abin da na gani shi ne abin da nake gani a wajen yaran da ke kawo min firofayil ɗinsu daga Samaru da Kongo, lambobin Search appearances da Profile views suna nan ƙarƙashin Analytics kowa na kallonsu kullum, amma yadda ake karanta su ne ba a gane ba, sai mutum ya yi ta canje-canje a duhu har ya gaji yace abin ba ya aiki.

Hedlayin dai shi ne layin nan da ke ƙarƙashin sunanka, LinkedIn ya ba ka haruffa 220 ka rubuta shi, kuma yana bin sunanka duk inda ka je, a sakamakon bincike, a kwamen ɗin da ka yi, a buƙatar haɗuwa da ka tura wa mutum.

Babban kuskuren da na fi damuwa da shi shi ne a ɗauki lambobin nan biyu kamar abu ɗaya suke faɗa. Ba ɗaya bane sam. Search appearances yana gaya maka sau nawa firofayil ɗinka ya fito a jerin sakamako lokacin da wani ya yi bincike a cikin satin, ko an taɓa ka ko ba a taɓa ba. Profile views kuma waɗanda suka shigo ciki ne. Kamar mai shago ne a kasuwar Tudun Wada, waɗanda suka bi ta layin shagonka daban, waɗanda suka tsaya suka leƙo daban. In ba a bin layin naka kwata-kwata toh matsalar kalmomi ce, ba ka sa abin da ake nema ba. In ana bi amma ba a tsayawa, kalmomin suna nan, yadda ka jera su ne bai ja kowa ba. Maganin wannan ba shi bane maganin wancan, shi yasa in ka haɗa su waje ɗaya za ka gyara abin da bai lalace ba.

Ga abin da ke kan firofayil ɗin ƙanin nawa a ranar:

```
Graduate | Passionate and hardworking | Open to opportunities
```

Na tambaye shi, in kai ne mai kamfani a Kaduna kana neman wanda zai riƙe maka lissafi, me za ka rubuta a wajen bincike? Yayi shiru sannan yace Accountant. Nace toh ina yake a nan? Babu. Ba wanda ke zama ya rubuta Passionate yana neman ma'aikaci, wlh babu.

Amma ban bar shi ya canza a ranar ba, kuma nan ne kuskure na biyu yake, wato gaggawa. Search appearances sati-sati ake sabunta shi, ba kullum ba. Wanda ya canza hedlayin ranar Litinin ya duba Talata ya ga lambar na nan yadda take, tsohuwar lamba yake kallo, ta satin da ya wuce. Shi da ya canza sau huɗu a sati biyu, ko da lambar ta tashi ba zai taɓa sanin wanne daga cikin huɗun ya tashe ta ba. Sai nace masa ya bar komai yadda yake na sati huɗu, duk Juma'a bayan an sauko masallaci ya buɗe ya rubuta lambobin biyu a bayan littafinsa da kwanan wata, ya ɗauki sikirinshot na shafin Search appearances ɗin gaba ɗaya, domin lambar satin nan tana maye gurbin ta wancan satin ne, in ba ka ajiye da kanka ba ba ka da abin kwatantawa. Abin da ya samu: 3, 5, 2, 4. Ka ga ko ba a taɓa komai ba lambar tana yawo tsakanin 2 da 5, dan haka wanda ya ga ta tashi daga 2 zuwa 5 yace sabon hedlayin ɗinsa yayi aiki, bai ga komai ba tukuna, yawon da ta saba ne. A ƙananan lambobi irin namu sai ka ga bambanci babba wanda ya dawwama sati uku ko huɗu kafin ka yarda.

Bayan sati huɗun ya canza, kuma hedlayin kawai na bar shi ya taɓa. Ya so ya sa sabon hoto a ranar, ya gyara About, ya ƙara Skills, na hana shi, saboda binciken LinkedIn ba hedlayin kaɗai yake karantawa ba, yana duba sunan muƙamin da ka sa a Experience, da Skills, da garin da ka ce kana zaune. In ka gyara su duka rana ɗaya lambar za ta iya tashi, kayi murna, amma ba ka koyi komai ba. Ga abin da ya sa da hannunsa:

```
ABU Zaria Graduate | Passionate and hardworking young professional | Accountant, Bookkeeping, Payroll, Excel
```

Sati huɗun da suka biyo baya: 6, 11, 9, 12. Wannan ya fita daga yawon 2 zuwa 5, kuma ya zauna a can, toh yanzu ana iya cewa kalmomin sun yi aiki. Abin da ya fi lambar ma daɗi shi ne abin da ke ƙasanta, wanda yawancin mutane ba sa gangarawa su duba. Shafin yana nuna maka wuraren da masu binciken ke aiki da irin muƙamansu, da muƙaman da aka same ka da su. Da can ɗalibai ne kusan duka, 'yan ajinsu da ke neman sunansa. Yanzu sai ga masu ɗaukar ma'aikata da manajoji sun fara bayyana. Fitowa 9 a gaban irin waɗannan ta fi fitowa 40 a gaban 'yan makaranta, shi yasa ban yarda da masu cusa kowace kalma a hedlayin ba, mutum ya karanta akanta amma ya ƙara Data Analyst da Graphic Designer da Project Manager dan lambar ta hau. Za ta hau ɗin, amma a binciken da ba naka ba, kuma wanda ya shigo ya ga babu aikin a Experience zai fita ne kawai.

Sai dai Profile views ɗinsa bai motsa sosai ba, daga 21 ya koma 24 a wata guda. Ana samunsa amma ba a shiga. Na ɗauki wayata na nemo shi kamar baƙo, na nuna masa yadda yake fitowa a jerin, layin ya yanke kafin ya kai ƙarshe, abin da ido ke fara kamawa shi ne ABU Zaria Graduate da Passionate, aikin nasa yana can baya. Haruffa 220 ɗin nan ba duka ake nunawa a waya ba, musamman ƙarƙashin kwamen, farkon ne ke fita. Dan haka gwaji na biyu ba mu ƙara wata kalmar aiki ba, jerin kawai muka juya muka zubar da abin da ba ya amfani:

```
Accountant | Bookkeeping, Payroll, Excel | ABU Zaria Graduate
```

Search appearances ya tsaya kusan inda yake, kuma haka ake so tunda kalmomin bincike ba su canza ba. Profile views ne ya fara hawa, wajen huɗu ko biyar a sati maimakon ɗaya.

A nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane sosai. Lambar Profile views ta kwana 90 ce, jimillar wata uku, kullum sabuwar rana na shigowa tsohuwa na fita. Kenan ba za ta yi tsalle ba ko hedlayin ya yi kyau, a hankali take tafiya. Kuma tana iya sauka alhali kana kan daidai. Shi ya faru da shi daga baya, domin ana tsakiyar gwajin ya sa hoton takardarsa ta kammala bautar ƙasa, 'yan uwa da abokai suka yi ta barka, mutum sama da 30 suka shiga firofayil ɗin a kwana uku. Wannan satin mun ja masa layi a littafi mun cire shi daga lissafi, fostin ne ya kawo su ba hedlayin ba. Bayan wata uku da kwanakin nan suka fita daga cikin 90 ɗin lambar ta faɗi lokaci ɗaya, ya kira ni hankali a tashe wai zai koma tsohon hedlayin. Nace buɗe littafinka ka ƙirga kwana 90 baya. Ya ƙirga, ya faɗa daidai kan satin hoton.

Haka ma in ka tura link ɗin firofayil ɗinka a gurup na WhatsApp kace a duba maka, ko ka tura buƙatar haɗuwa ga mutum 50 a dare ɗaya, ko ka yi ta shiga firofayil ɗin mutane su ma su leƙo naka su ga waye, duk wannan satin ya gurɓace. Ba cewa nake ka daina amfani da LinkedIn ba, a'a, ka ci gaba yadda ka saba, ka dai rubuta a gefen lambar duk abin da ka yi wanda ba ka saba ba. Satin Sallah da ƙarshen Disamba ma kar ka yanke hukunci da su, ofisoshi na hutu.

Ka kuma lura lokacin da kake ƙara sabon aiki a Experience, akwai wajen da ke tambaya ko a sabunta hedlayin da sabon muƙamin, in ka wuce ba ka duba ba zai iya goge wanda kake gwadawa, na ga wanda ya yi sati uku yana rubuta lambobin hedlayin da ba ya nan.

Gwajin da muke kai yanzu ba na hedlayin bane ma. Da muna duba sikirinshot ɗin na lura yawancin kamfanonin da ke samunsa na kudu ne, ashe Location ɗinsa har yanzu jihar da yayi bautar ƙasa ce, masu tace bincike da Kaduna ba sa ganinsa. Ya gyara ranar Juma'ar da ta wuce, hedlayin kuma mun bar shi ba za a taɓa ba sai an cika sati huɗu.