Idan akwatinka bai iso ba, rubuta wa kamfanin jirgi

Ku da kuke shirin barin Sakkwato zuwa karatu ko aiki a waje, maganar layin waya da katin bas kada ta dame ku, 'yan'uwanmu na can za su nuna muku. Wajen tarbar baƙo ba a barinmu a baya. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya sauka, akwatinsa bai fito ba, ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya koma gefe yana jiran kira.

Kada ka bar filin jirgi sai ka je teburin kayan da suka ɓata an cika maka takardar rahoton ɓatan kaya da ake kira PIR, mai lambar bibiya. Ka adana ɗan tikitin akwati da aka manna maka lokacin awo. Sai dai PIR rahoto ne kawai. Neman diyya sai da wasiƙa, kuma a nan yawancinmu ke yin sakaci.

Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jirgin sama tsakanin ƙasashe, wadda Nijeriya ke cikinta, ta ba ka kwana 7 ka rubuta idan akwatin ya zo a lalace, kwana 21 daga ranar da ka karɓe shi idan ya makara. In ya kai kwana 21 bai zo ba, kana iya neman diyyarsa kamar wanda ya ɓata. Iyakar diyyar daga ƙarshen 2024 ita ce SDR 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya, wato kusan dala 2,000, ga kowane fasinja, ko akwati nawa ya ɗauko. Ba a ba ka wannan kuɗin haka kawai, abin da ka nuna ka yi asara ake biya.

Wani ƙanenmu ya nuna mini wasiƙarsa: shafi biyu na gaisuwa da roƙo, babu kwanan wata ko ɗaya. Malam, ba sarki kake rubuta wa ba! A ce ka tashi daga Abuja ranar 3 ga Satumba, ka sauka Manchester ranar 4. Fara da lambar jirgi, lambar tikitin akwati da ta PIR, ka ce har 25 ga Satumba bai iso ba. Sai asarar, kowane abu da kuɗinsa: ɗinkakkiyar shadda kala huɗu, fam 240, rigar sanyi, fam 90, akwatin kansa, fam 70, tufafi da sabulun da ka saya kana jira, fam 60. Ka rufe da cewa kana neman fam 460 cikin kwana 14. Tura hoton rasitai, na asali su zauna wurinka. Kamfanonin jirgi sukan rage kuɗin kayan da aka riga aka sa.

Telolinmu ba su saba da rasit ba, don haka kafin ka bar gida ka sa naka ya rubuta maka, ka kuma ɗauki hoton kayan kafin ka rufe akwatin. In tikitin Sakkwato zuwa Abuja daban ka yanka, kamfanin da sunansa ke kan tikitin akwatin da ya ɓata za ka rubuta wa.