Darasi na 9: Kwantak lens ba ya shiri da ruwan famfo

Wata ɗalibar ajinmu a Tudun Wada ta sa lens mai kala, ɗan siririn faifan nan da ake ɗorawa a kan baƙin ido, ranar kamun ƙanwarta, an dawo gida tsakar dare ga gajiya, ta duba kwalbar ruwan lens ta tarar ya ƙare, sai kawai ta tara ruwan famfo a ɗan gidan lens ɗin ta jefa su ta kwanta. Da safe ta mayar abinta. Ba a yi sati biyu ba ido ya kaɗa ya yi jajir, ga hawaye ga zogi, ko hasken waya ba ta iya kallo.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna akantamiba da ke zama a ruwan famfo da na rijiya da tanki, ido ba ya ganinta. In ta maƙale a lens, shi kuma ya danne ta a kan baƙin ido, sai ta fara cin fatar wajen, maganinta kan ɗauki watanni, wani ma ganin ba ya dawowa. Fiya wata ma ba a yarda ba, ruwan sha daban na ido daban. Saboda haka a cire lens kafin wanka, alwala ma cirewar ta fi, in kuma ruwa ya riga ya taɓa shi a jiƙa shi a ruwansa ya kwana, ko a yar.

Ga yadda ake yi da dare. Wanke hannu da sabulu ki goge ya bushe sarai, ɗora lens a tafin hannu, ɗiga masa ruwansa ki murza a hankali da yatsa kamar sakan 20, ki ɗauraye da ruwan nasa dai. Na jiya da ke cikin gidan a zubar gaba ɗaya, don Allah kar a yi masa ciko, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Gidan kansa a sake sabo duk wata 3.

Lens na wata ɗaya kwana 30 ne daga ranar da aka buɗe, ko da sau huɗu kacal kika sa. Rubuta ranar a jikin kwalin. Na kwana ɗaya kuwa daga ido sai shara.

Barci fa? Baƙin ido daga iska yake samun iskar shaƙa, to ga lens ga fatar ido a rufe, haɗarin kamuwa da cuta na ninkuwa sau 6 zuwa 8, gyangyaɗin bayan azahar ma yana ciki.

In ido ya yi ja, ko zafi, ko gani ya yi hazo, cire lens nan take, kar ki tsaya ɗiga maganin kemis, ki nufi likitan ido a ranar, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan Kaduna. Tafi da lens ɗin da gidansa, kar ki wanke su, ana iya gwada su a gano ƙwayar.