Kurakuran Ƙiyasta Shekarun Mutum Daga Hoto

A shekarar 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69. Ɓarin fuskarsa na hagu ya yamushe, tamoji sun yi zurfi, na dama kuwa da sauƙi sosai. Shekara 28 ya yi yana tuƙi, rana tana dukan ɓarin da ke kusa da taga. Da za a rufe rabin hoton a nuna wa mutum biyu, kowa da shekarun da zai faɗa.

Kuskure na farko ke nan, ɗaukar tamoji a matsayin ƙidayar shekaru. Rana da taba sigari da rama duk suna tsofar da fata. Manomin da ya wuni a gona sai ya zama kamar yayan sa'ansa da ke zaune a shago. Baƙar fata kuma tana jinkirin yamushewa fiye da fara, shi ya sa wanda idonsa ya saba da wani jinsi yake yawan kuskure a kan wani.

Furfura da sanƙo ma haka suke. Galibi gado ne, akwai masu yin su kafin shekara 30, ga kuma rini yana ɓoye furfura.

Shi kansa hoton yana ruɗi. Hasken da ya fito daga gefe yana zurfafa kowane layi a fuska, wanda ya zo daga gaba yana shafe su. Wayoyi da yawa suna goge fata da kansu ba tare da an sa su ba, balle a haɗa da hoda. Idan ka ga kumatu sumul babu ƙofofin gashi, an taɓa hoton. Dubi wuya da bayan hannu, an fi mantawa da su wajen gyara. Ka kuma tambayi yaushe aka ɗauka.

Inda abin ya fi damuna shi ne yara masu tasowa. Alamun balaga kan fara wa mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, namiji 9 zuwa 14. Saboda haka 'yar shekara 13 na iya yin kamar ta kai 18, yaron da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar kuwa a rage masa shekaru. Hatta FIFA ba ta yarda da ganin ido ba. A gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka buga a Najeriya a 2009 ta yi amfani da hoton MRI na tsintsiyar hannu, wanda ke duba ko ƙashi ya gama girma, kuma shi ma ƙiyasi yake bayarwa.

Idan dole ne ka ƙiyasta, faɗi tazara mai faɗi, kamar 35 zuwa 45, bayan ka ga hotuna da dama a haske daban-daban. In kuwa magana ce ta aure, ɗaukar aiki ko shari'a, ajiye hoton ka nemi takardar haihuwa, katin rigakafi ko rajistar makarantar firamare.