Yadda za ka ambaci wanda ya haɗa ku a farkon wasiƙa

A ce neman aiki kake yi a wata makaranta, kuma tsohon malaminka ya san shugabarta.

1. Fara neman izinin malamin. Tambaye shi: "Malam, in ce kai ka turo ni, ko kuwa labarin gurbin kawai ka ba ni?" Ba ɗaya ba ne. Shugabar za ta iya kiransa, in ya ce bai san zancen ba, ƙofa ta rufe.

2. Bayan sallama da gaisuwa, kawo shi a jimla ɗaya, tare da alaƙarku: "Hajiya, Malam wane, wanda ya koyar da ni lissafi, shi ya shawarce ni in rubuto miki kan gurbin malamin lissafi."

3. Mutum ɗaya ya isa. Zaɓi wanda ya san aikinka, ko da ba shi da muƙami. Jero sunayen manya yana kama da barazana, kuma ana ganewa. Haka ma "ya ce ki taimaka min": ka ɗora mata nauyi tun ba ta san ka ba.

4. Daga jimla ta gaba, koma kan takardunka da abin da ka iya.